Shugaba ya ba ni jadawali cikin jimloli, yaya zan zana shi?

Assalamu alaikum. Ni sabon malami ne a wata ƙaramar sakandare, kuma shugaban makaranta ya ba ni takarda ya ce in fito da jadawalin mako na aji 2A da 2B, da malami da ɗakin kowane darasi. Muna farawa ƙarfe 8:00, piriyod minti 40, takwas a rana, shida ranar Juma'a, ana tashi tara ta rabin awa bayan piriyod na huɗu. Ga abin da ya rubuta: "Lissafi biyar kowane aji, duk kafin tara, kuma malamin ba ya zuwa Juma'a. Turanci kullum. Kimiyya huɗu, biyu a haɗe a lab. Lab sai Talata da Alhamis bayan tara. Malamar kimiyya ce za ta riƙe noma, biyu kowane aji. Noman 2B akwai ɗaya Talata bayan tara. Kwamfuta biyu, malamin Litinin da Laraba yake zuwa, yana tafiya 12:30, kuma sai bayan tara ake tayar da inji. Addini a haɗa azuzuwan biyu a ɗakin taro Laraba piriyod na farko. Wasanni Alhamis biyun ƙarshe." Sau uku ina zanawa ina yagewa. Daga ina ake kamawa?

Wa alaikumus salam, Malam. Na san abin da ya sa kake yagewa, domin ni ma haka na fara. Ka ja layuka a kwali, ka ɗauki jimlar farko ta takardar ka zuba ta, ka ɗauki ta biyu, kana zuwa ta huɗu ko ta biyar sai ka tarar gurbin da take nema tuni ka bai wa wani. Shugaba ya rubuta jimlolinsa yadda suka zo masa a ka, ba yadda za a jera su ba. Lissafi ya fara zuwa masa saboda shi ne babban darasi, amma a wajen zane lissafi yana da sarari, ba shi ne abin tsoro ba. Wanda zai ba ka wahala yana can tsakiyar takardar.

Ajiye kwalin tukuna. Abu na farko shi ne ka mayar da agogo lambobi, saboda takardar tana magana da harshe biyu: wani wuri ta ce piriyod na farko, wani wuri ta ce 12:30. In aka fara 8:00, piriyod huɗu na minti 40 za su kai ka 10:40. Tara daga 10:40 zuwa 11:10 (sunanta tara, amma ka ga sai kusan sha ɗaya take zuwa). Na biyar daga 11:10 zuwa 11:50, na shida ya ƙare 12:30, na bakwai 1:10, na takwas 1:50. Yanzu "yana tafiya 12:30" ta zama "ba ya nan bayan piriyod na shida", ita kuwa "bayan tara" ta zama daga na biyar zuwa na takwas. Daga nan kada ka sake duban agogo sai ranar da za ka rubuta shi a gefen kwali.

Sai ƙirga. Kowane aji yana da gurbi takwas sau kwana huɗu, 32 ke nan, da shida na Juma'a, ya zama 38. To me takardar ta ba ka? Lissafi 5, Turanci 5, kimiyya 4, noma 2, kwamfuta 2, wasanni 2, addini 1. Duka 21. Saura gurbi 17 a kowane aji da takardar ba ta ce komai a kansu ba: babu Hausa, babu Larabci, babu nazarin zamantakewa, kuma da wuya a ce addini sau ɗaya tak ake yi a mako. Wannan ƙirgar ba ta kai minti biyu ba, amma ta nuna maka takardar rabi ce. Kada ka cike guraben nan da ka. Ka bar su fili, ka kai wa shugaba adadin, ya ba ka sauran.

Ka ba kowane malami lamba kafin ka ci gaba. Malamin lissafi M1, malamar kimiyya M2, na kwamfuta M3, na Turanci M4, na addini M5, na wasanni M6. Ba don gajarta rubutu kawai ba. In ka rubuta "kimiyya" a wani gurbi, "noma" a wani, idonka zai ɗauke su abu biyu, alhali mutum ɗaya ce za ta tsaya gaban allo. Da ka sa M2 a dukansu, karon zai fito da kansa. Wannan ya taɓa cina a wata makaranta da na yi aiki: na zana jadawali tsaf, na bi shi da alƙalamin maka, aka manna a ofishin malamai, sai ranar Litinin ta farko ga monita biyu daga aji biyu tsaye a bakin ƙofa, kowanne ya zo kiran malami ɗaya. Darussan daban, mutumin ɗaya. Tun daga ranar ban ƙara rubuta sunan darasi ba tare da lambar mai koyar da shi ba.

Jimlolin takardar nan ba iri ɗaya ba ne, kuma gane bambancinsu shi ne rabin aikin. Akwai wadda ta kafa ƙusa: ta faɗi rana, ta faɗi piriyod, ba ta bar maka zaɓi ba, kamar ta addini da ta wasanni. Akwai wadda ta faɗi adadi kawai, kamar Turanci. Akwai kuma wadda ba ta sa komai a jadawali, sai dai ta hana: malami ba ya zuwa Juma'a, lab a rufe take, inji bai tashi ba. Irin ta ƙarshen nan ce ake mantawa da ita, domin ba ta da gurbin da za a rubuta ta. Ni nakan zana wa kowane malami da kowane ɗaki na musamman ɗan ƙaramin jadawali a takarda daban, in soke duk gurbin da aka hana da fensir. Abin da ya rage fari shi ne dukiyar da nake da ita.

To a fara da ƙusoshi. Addini ya shiga Laraba na farko a azuzuwan biyu, ɗakin taro. Wasanni ya shiga Alhamis na bakwai da na takwas, a fili. An gama da su.

Bayan su, ka tambayi kowane darasi abu biyu: gurbi nawa yake nema, gurbi nawa ya rage masa? Wanda tazararsa ta fi ƙanƙanta shi za ka fara zaunarwa. Dubi M3. Kwana biyu yake zuwa, inji sai daga na biyar, shi kuma yana tafiya bayan na shida. Gurbinsa huɗu ne a duk mako: Litinin 5 da 6, Laraba 5 da 6. Abin da ake nema a wurinsa shi ma huɗu ne. Ko gurbi ɗaya ba shi da rara. Da ka riga ka sa wa 2A da 2B wani darasi a Litinin na biyar, shi ke nan kwamfuta ta lalace, kuma ba za ka gane ba sai can ƙarshe. Zaɓin da ya rage maka a nan ɗaya ne: ko kowane aji ya samu piriyod ɗaya kowace rana, ko aji ɗaya ya kwashe Litinin, ɗayan ya kwashe Laraba. Takardar ba ta ce a haɗa ba, amma ni haɗawa nake yi. Kafin yara su fito daga aji, su yi layi, su zauna, na'urori su gama tashi, minti goma ya tafi, kuma gara a yi asararsa sau ɗaya a cikin 80 da sau biyu a cikin arba'in-arba'in. 2A ta ɗauki Litinin, 2B ta ɗauki Laraba.

Yanzu lab, wadda nake zaton ita ce ta sa ka yaga takarda. A ido gurbinta takwas ne, huɗu Talata, huɗu Alhamis, ana neman huɗu kacal. Sai mutum ya ce ai da sauƙi, a sa 2A Talata 5 da 6, 2B Talata 7 da 8, a huta. To amma noman 2B yana nan Talata bayan tara, kuma M2 ce mai shi. In ta cika 5 zuwa 8 a lab, ina za ta tsaya ta koyar da noman? Babu. Talata ba za ta ɗauki haɗaɗɗen darasi fiye da ɗaya ba. A koma Alhamis: 7 da 8 yara suna fili, saura 5 da 6. Ita ma ɗaya take ɗauka. Ka ga jimloli uku da ke warwatse a takardar, ta lab, ta noma da ta wasanni, sun haɗu sun yanke hukuncin da babu ɗayarsu da ta faɗe shi: dole aji ɗaya ya shiga lab Talata, ɗayan Alhamis 5 da 6.

Wane aji zai ɗauki wace rana? Nan ba takarda ce za ta gaya maka ba, hankali ne. In 2B ta ɗauki Talata, yaran za su ga fuska ɗaya piriyod uku cikin huɗu da rana tsaka, noma sannan kimiyya biyu. Su gaji da ita, ta gaji da su. Saboda haka 2A ta ɗauki Talata, kuma na sa ta a 7 da 8, noman 2B a 5, na bar wa M2 na shida fili ta jera kayan gwaji. 2B ta samu Alhamis 5 da 6, lokacin tara ya ishi M2 shiri.

Ka lura da kalmar "bayan tara". Sau uku ta fito a takardar, kuma ba lallai nufinta ɗaya ba ne. A maganar lab da inji tana nufin duk abin da ya biyo bayan tara. A maganar noma tana iya nufin haka, tana iya nufin da zarar an dawo. Na sa noman a piriyod na biyar ne saboda ya gamsar da fassarar biyu, duk wadda shugaba yake nufi ban saɓa masa ba. Ba kullum ake samun wannan sa'ar ba. In fassarar biyu za su kai ka jadawali biyu daban, kada ka yi canki, tashi ka tambaya. Haka "Turanci kullum": na ɗauke ta sau ɗaya a rana, kwana biyar. Haka "biyu a haɗe": yana nufin biyu a jere ba tare da tara ta raba su ba, don haka na huɗu da na biyar ba haɗe suke ba, ko da lambobinsu suna bin juna.

Lissafi yanzu. M1 yana da safiyar kwana huɗu, gurbi 16, a cire Laraba na farko da azuzuwan biyu suke ɗakin taro, saura 15, ana neman 10. Akwai sarari. Abin lura ɗaya ne: darasi biyar a kwana huɗu, dole wata rana kowane aji ya yi biyu. Shugaba bai rubuta haka ba, wataƙila ma bai lura ba, amma lissafin ne ya tilasta. Na bai wa 2A biyunta ranar Litinin, 2B ranar Talata, don kada malamin ya kwashe piriyod huɗu a jere a safiya ɗaya ba ko shan ruwa. Turanci da sauran kimiyya da noma su ne ƙarshen shiga, domin duk inda aka ajiye su suna zama.

Ga yadda ya fito. Inda ban rubuta ɗaki ba, yaran suna ajinsu.

Aji 2A

| Piriyod | Litinin | Talata | Laraba | Alhamis | Juma'a |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 | Lissafi M1 | Turanci M4 | Addini M5, ɗakin taro | Turanci M4 | Kimiyya M2 |
| 2 | Lissafi M1 | | Lissafi M1 | Lissafi M1 | Turanci M4 |
| 3 | Kimiyya M2 | | Turanci M4 | Noma M2 | |
| 4 | Turanci M4 | Lissafi M1 | | | |
| 5 | Kwamfuta M3, ɗakin kwamfuta | | | | |
| 6 | Kwamfuta M3, ɗakin kwamfuta | | | | |
| 7 | | Kimiyya M2, lab | Noma M2 | Wasanni M6, fili | an tashi |
| 8 | | Kimiyya M2, lab | | Wasanni M6, fili | an tashi |

Aji 2B

| Piriyod | Litinin | Talata | Laraba | Alhamis | Juma'a |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 | Kimiyya M2 | Lissafi M1 | Addini M5, ɗakin taro | Lissafi M1 | Turanci M4 |
| 2 | Turanci M4 | Lissafi M1 | Kimiyya M2 | Turanci M4 | Noma M2 |
| 3 | | Turanci M4 | Lissafi M1 | | |
| 4 | Lissafi M1 | | Turanci M4 | | |
| 5 | | Noma M2 | Kwamfuta M3, ɗakin kwamfuta | Kimiyya M2, lab | |
| 6 | | | Kwamfuta M3, ɗakin kwamfuta | Kimiyya M2, lab | |
| 7 | | | | Wasanni M6, fili | an tashi |
| 8 | | | | Wasanni M6, fili | an tashi |

Kada ka yarda da shi don ya yi kyau a ido, har da nawa ɗin nan. Jadawalin aji ba ya nuna karon malami, domin shi dai abin da ya sani shi ne gurbi ɗaya darasi ɗaya. Karon yana ɓoye tsakanin kwali biyu. Hanyar hannu ita ce ka ajiye su gefe da gefe, yatsan hagu a kan 2A, na dama a kan 2B, ka bi gurbi-gurbi kana karanta lambar malami da ƙarfi: Litinin na farko, M1 da M2, na biyu, M1 da M4, haka har ƙarshe. Duk inda bakinka ya faɗi lamba ɗaya sau biyu, ka tsaya. Sannan ka koma takardar shugaba, ka karanta jimla ɗaya, ka nemo ta a jadawali, ka sa mata alama. Daga takarda zuwa jadawali ake bi, ba daga jadawali zuwa takarda ba, don abin da ka manta ba zai fito a zanenka ya tuna maka da kansa ba.

Da aji biyu yatsu sun isa. Da aji goma sha biyu ba za su isa ba. In kana da Excel ko Google Sheets, ko a waya ne, kada ka fara da zana gidaje. Ka yi doguwar jeri, kowane piriyod layinsa: rana a A, piriyod a B, aji a C, darasi a D, malami a E, ɗaki a F. Haɗaɗɗen darasi layi biyu ne, darasin da aka haɗa aji biyu shi ma layi biyu. Naka zai ba ka layi 42, wato 21 sau biyu. In ya ba ka 41 ko 43, ka san akwai abin da ya faɗi ko ya maimaitu. Sai ka sa waɗannan a G2, H2 da I2, ka ja su har ƙasa:

```
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,E:E,E2)
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,F:F,F2)
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,C:C,C2)
```

Na farko yana ƙirga sau nawa malamin wannan layin ya fito a rana ɗaya da piriyod ɗaya, na biyu ɗaki, na uku aji. Amsar da ake so 1 ce. In ka ga 2, karo ne, sai a layukan addini da wasanni, inda malami da ɗaki za su nuna 2 saboda da gangan aka haɗa. Ka san da su tun farko don kada ka gyara abin da ba kuskure ba. A nan dole ka cike gidan ɗaki a kowane layi, ko da ajin yaran ne, ka ba shi suna. Kuma ka rubuta komai iri ɗaya: in a wani layi ka buga M2, a wani ka bar tazara bayanta, na'ura za ta ɗauke su mutum biyu, ta ce maka babu karo alhali yana nan.

Amfanin doguwar jerin nan bai tsaya a bincike ba. Ka tace ta da aji, ka samu jadawalin da za a manna a bango. Ka tace ta da malami, kowa ya samu nasa, ka kuma ga nauyin da ke kansa: M2 piriyod 12, M1 da M4 goma-goma, M3 huɗu. Ka tace ta da ɗaki, mai riƙe da makullin lab ya san ranar da zai buɗe, ka kuma gane cewa Laraba na farko ɗakunan 2A da 2B duk babu kowa, wanda zai yi amfani in akwai ɗalibai Kirista da ke yin nasu darasin addinin a lokacin. In aka sauya wani abu, a jerin ake sauyawa, sannan a sake fitar da ukun. Makarantar da ake gyara kwalin aji da biro a bar na ofishin malamai yadda yake, kafin tsakiyar zango za ka tarar jadawali biyu ne ke aiki, kowa yana rantsuwa da nasa.

Iyakar abin da na zana maka ita ce aji biyun nan kawai na gani. In M1 ko M4 suna shiga aji 1 ko aji 3, kuma da wuya a ce ba sa shiga, to wasu guraben da na ɗauka fili ne a wurinsu ba fili ba ne. Ka karɓo jadawalin waɗancan azuzuwan ka soke gurabensu kafin ka amince da safiyar nan. Kwamfuta da lab kada ka taɓa su in za ka motsa wani abu, lissafi da Turanci ne masu wurin juyawa.

Da za ka koma wurin shugaba, ka tafi da zanen fensir, ba na alƙalamin maka ba, da tambayoyinka a rubuce. Darussan da za su cike gurbi 17 ɗin, da adadin kowanne da mai koyar da shi. Ko noman Talata sai lallai piriyod na biyar. Ko ya san kowane aji zai yi lissafi biyu a rana ɗaya. Ka kuma nuna masa cikin ladabi cewa biyun ƙarshe na Alhamis daga 12:30 ne zuwa 1:50, kuma a zafin Maris da Afrilu wannan ba lokacin fitar da yara fili ba ne. In ya yarda aka dawo da wasanni safe, Alhamis 3 da 4 ne mafi sauƙi: 2B ba ta da komai a nan, ita kuwa 2A nomanta ne kawai a na uku, sai a mayar da shi na bakwai, tunda M2 ta fito daga lab a lokacin.